Harajin Ƙiyasi da Ƙananan 'Yan Kasuwar Illela

Harajin ƙiyasi shi ne wanda hukuma ke yanka wa mai sana'a bisa hasashen abin da yake samu, ba tare da ta buɗe littafin lissafinsa ba. Dokar harajin kuɗin shiga ta ginu ne a kan riba: a tara cinikin shekara, a cire kuɗin sarin kaya da hayar shago da sufuri da ladan yara, abin da ya rage shi ake cire wa haraji. Wannan yana buƙatar rasit da rubutu na kullum. Mai tireda a bakin tashar Illela, ko dillalin albasa, ko tela mai keke biyu, yawanci lissafinsa a ka yake, jari da riba da kuɗin cefane duk aljihu ɗaya suke shiga. Idan aka ce sai ya kawo lissafin shekara, ko dai ya ɗauki akanta da kuɗin da ya fi harajin kansa, ko kuma ya ɓuya. Saboda haka gyaran da aka yi wa dokar harajin kuɗin shiga ta Najeriya a 2011 ya ba da damar yin ƙiyasi ga wanda ba za a iya tantance samunsa ba, aka fitar da ƙa'idojin aiwatarwa a 2018, waɗanda suka jera sana'o'i, suka kasa kowace gida uku gwargwadon girmanta. Sabuwar dokar haraji ta 2025 ma ta riƙe wannan hanya.

Dabarar ba baƙuwa ba ce a ƙasar Sakkwato. Jangali irinta ne: ba a tambayar makiyayi nawa ya samu a nono ko a sayar da bijimi, shanu ake ƙirgawa, a ɗora wa kowane kai kuɗi. A tsallaken iyaka kuma, 'yan kasuwar Birnin Ƙwanni sun saba da patanti, wanda hukumar harajin Nijar ke karɓa daga ƙananan masu sana'a a dunƙule.

Aikin yana farawa da rajista, inda jami'in hukumar tara kuɗin shiga ta jiha ke rubuta sunan mutum da sana'arsa da inda yake yin ta. Sai a duba alamomin da ido ke iya gani, waɗanda ke da wuyar ɓoyewa: girman shago, ko yana bakin babbar hanyar Sakkwato ko cikin lungu, yawan yaran shago, yawan kekunan ɗinki ko injinan niƙa. Da waɗannan ake sa mutum a aji, kowane aji da kuɗinsa na shekara. Wanda ya biya ya karɓi rasit ya sauke nauyin harajin kuɗin shiga na wannan shekara a kan sana'ar.

Muhimmiyar tambaya ita ce daga ina adadin yake fitowa. Misali na zato zai bayyana shi. A ɗauka mai tireda yana cinikin naira 40,000 a rana, yana buɗe shago kwana 300 a shekara. Cinikinsa ya kama naira miliyan 12. Idan ribarsa bayan an cire komai naira goma ce a kowace ɗari, samunsa naira 1,200,000 ke nan. Dokar 2025 ta yafe haraji a kan naira 800,000 na farko na samun mutum a shekara, matakin farko da ya biyo baya kuma ana cire masa kashi 15 cikin ɗari. Saura 400,000, harajinsu 60,000. Idan hukuma ta ga cewa wannan shi ne matsakaicin mai tireda a ajinsa, tana iya yanka wa duk 'yan ajin naira 60,000, ta hutar da kanta da su daga bincike.

A nan ne kuma rauninsa yake. Maƙwabcinsa da ke aji ɗaya da shi, amma samunsa bai wuce 900,000 ba, da lissafi aka bi 15,000 kawai zai biya. Yanzu an ɗora masa ninki huɗu. Wani kuma da ke samun miliyan 2, wanda ya kamata ya biya 180,000, ya tsira da kashi ɗaya cikin uku. Adadi ɗaya ya fi danne na ƙasa, ya sassauta wa na sama. Shi ya sa babban ɗan kasuwa mai rumbuna a bayan gari yakan so ya zauna a ƙaramin shago, a lissafa shi cikin ƙanana. Jami'in da ya san aikinsa ba ya tsayawa a kan kanta, yakan tambayi motoci nawa ake sauke wa mutum a wata.

Garin iyaka yana da nasa ƙarin matsala, domin ƙiyasi yana ɗauka cewa bana za ta yi kama da bara. A Illela ba haka abin yake ba. An rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, ba a buɗe ta Illela ba sai Disamban 2020. An sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, Najeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris 2024. A irin waɗannan watanni, mai abinci da mai faci da ɗan canjin sefa duk cinikinsu ya karye, amma adadin da aka yanka yana nan yadda yake. Harajin da ke bin riba da kansa yake sauka idan kasuwa ta mutu. Na ƙiyasi sai an zauna an sauke shi. Haka nan wanda kasuwar Lahadi kaɗai yake ci, kwana 52 ke gare shi a shekara, bai kamata a auna shi da mudun mai buɗe shago kullum ba. Hauhawar farashi kuwa ta ɗaya gefen take ɓarna: adadin da aka bari shekara biyar ba a taɓa ba, gwamnati ce ke asara.

Akwai kuma ruɗanin da ke jawo rigima a kasuwa. Kuɗin rumfa, da tikitin ranar kasuwa, da kuɗin tasha, na ƙaramar hukuma ne. Kuɗin fito na kwastan na gwamnatin tarayya ne. Harajin ƙiyasi na jiha ne, kuma harajin kuɗin shiga kaɗai yake maye wa gurbi. Ɗan kasuwa ya tambayi mai karɓa sunan harajin da hukumar da ta aiko shi, ya duba ko rasit na ɗauke da sunansa da shekarar da ya biya wa. Kuɗin da aka karɓa hannu da hannu ba takarda, ko aka yi cinikinsa kamar na akuya, da wuya ya isa asusun gwamnati.

Wanda ya ga an sa shi a ajin da ya fi ƙarfinsa yana da mafita. Doka ta ba shi kwana 30 daga ranar da takardar ƙiyasi ta iso shi ya rubuta ƙorafi, kuma yana iya neman a auna shi da ainihin samunsa. Sai dai ƙorafi ba hujja ba ya tasiri. Littafin makaranta mai layi uku, na sari da na ciniki da na kashewa, wanda ake cikawa kowane dare, tare da bayanan asusun banki ko na na'urar POS, ya isa a fara da shi. Ƙungiyoyin 'yan kasuwar Illela, tun daga masu hatsi har 'yan kara, su ya kamata su nemi zama da hukuma kafin a tsayar da ajujuwa, su kuma nemi a rubuta cewa za a sake duba adadin duk shekarar da aka rufe iyaka.