Ina Iyakar Hannun Hukuma A Kan Bakin Talaka? Laccar Da Aka Yi A Nasarawa, Birnin Kebbi

Abin da ya tara mu yau tambaya ce guda: yaushe ne ya halatta hukuma ta kama mutum saboda abin da ya faɗa da bakinsa?

Wani Bature mai suna John Stuart Mill ya amsa wannan a cikin littafin da ya buga a Ingila a 1859, a kan 'yancin ɗan Adam. Abin da ya kafa shi ne, hukuma ba ta da dalilin tilasta wa baligi mai hankali sai fa domin ta hana shi cutar da wani. Wanda ya tauye mudu, ko ya yi algus a shinkafa, ko ya zuba guba a gulbin Argungu don ya kwashi kifi, ya cuci jama'a, a kama shi. Amma wanda ya kashe kuɗinsa a banza, a yi masa nasiha, a yi masa faɗa, har a ƙaurace masa in an so, ba a kai shi gidan yari ba. Kada mu ɗauki Baturen nan waliyyi. Shekara 35 ya yi yana aikin ofis a kamfanin Turawan da ke mulkin Indiya, kuma ya ce wannan 'yanci bai shafi al'umman da ya kira marasa wayewa ba, watau irinmu ke nan a lokacinsa. To, ma'auni dai in na kirki ne ba a tambayar wa ya ƙera shi.

Ya kawo wani misali da ya dace da mu 'yan kasuwa. A ce wani ya rubuta a jarida cewa manyan dillalan hatsi masu ɓoye abinci su ne ke kashe talaka da yunwa. Ko gaskiya ya faɗa ko kuskure, bai kamata a taɓa shi ba, dillalan su fito su ba da amsa. Amma a ce shi wannan mutum ya tsaya a ƙofar gidan wani dillali, ga taro ya fusata, ga sanduna a hannu, ya ɗaga murya ya faɗi wannan magana. Nan kam ya cancanci hukunci. Ku lura, maganar ɗaya ce, ko harafi bai sāke ba. Abin da ya sāke shi ne tazarar da ke tsakanin magana da aika-aika. A jarida akwai kwana da kwanaki, mai karatu zai yi tunani, wani zai musa. A ƙofar gida kuwa taki uku ne tsakanin baki da ashana.

Akwai kuma wata cuta da baki ke yi ba tare da taro ba, ita ce ƙage. In aka yaɗa a kasuwa cewa mai nama wane mushe yake sayarwa, alhali kuwa ƙarya ne, masu ciniki za su gudu, jarinsa ya karye. Wannan hasara ce da za a iya lissafawa da kuɗi, a kawo shaidu, alƙali ya sa a biya shi. Ɓacin rai daban ne. Wanda aka yi wa dariya ransa ya ɓaci, gaskiya ne, amma ba wanda ke iya auna ɓacin rai sai mai shi, kuma mai mulki ya fi kowa saurin jinsa. In aka mai da shi laifi, to, mai ƙara shi ne shaida, shi ne kuma mai mudu.

Bari mu gwada wannan ma'auni a kan shari'ar da aka yi a Kano a watan Nuwamba na 2022, ba zamanin En'e ba. Wasu samari biyu masu wasan barkwanci a waya suka yi wasa suna zolayar gwamnan lokacin, Abdullahi Umar Ganduje. Aka gurfanar da su gaban majistare bisa tuhuma biyu, ɓata suna da tunzura jama'a. Suka amsa laifi. Aka yanke musu bulala 20 kowanne, da tara, da sharar harabar kotu kwana 30, da neman gafara.

Mu ɗauki tuhuma ta biyu tukuna. Ina taron? Ƙofar wa aka tsaya? Mutane sun kalli wasan ne a wayoyinsu, kowa a inda yake, suka yi dariya ko suka yi tsaki. A misalin dillalin hatsi, wannan shi ne ɓangaren jarida. Ta farkon ta fi nauyi, don gwamna ma mutum ne, yana da mutunci, ana kuma iya yi masa ƙage. Amma in ƙage ne, hanya a buɗe take: ya shigar da ƙara da sunansa kamar yadda mai nama zai yi, ya nuna abin da aka faɗa ƙarya ne, ya nuna hasararsa. Abin da ma'aunin bai yarda da shi ba shi ne ya zama 'yan sanda da mai gabatar da ƙara, waɗanda ake biya da harajin kowa, su ne masu rama wa shugaba zafin zolaya. Amsa laifin da yaran suka yi bai warware komai ba. Kowa a nan ya san abin da ke sa talaka ya ce na yi, don ya kwana gida.

Wannan ba ra'ayin Turawa kaɗai ba ne. A 1983 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ƙasarmu ta soke ɗaurin wata 12 da aka yi wa Arthur Nwankwo saboda littafin da ya rubuta yana sukar gwamnan Anambra, Jim Nwobodo. Alƙalan suka ce dokar hana sukar gwamnati gadon mulkin mallaka ce da ba ta dace da tsarin mulkinmu ba, kuma shugaban da ke ganin an yi masa ƙage ya je ya kai ƙarar ɓata suna. Tsarin mulkin 1999 ya ba mu 'yancin magana a sashe na 39, sa'an nan sashe na 45 ya ba hukuma damar taƙaita shi saboda zaman lafiya da tarbiyya da haƙƙin wasu. Ta wannan ƙofa ta biyu ake shigo mana, don haka in an kama ɗayanmu, a nemi takardar tuhuma a karanta, a tambaya: wa aka cuta, me ya rasa?

Saura wuri mai wuya, ba kuwa za mu kewaye shi ba. Batun ɓatanci ga addini. A bisa ma'aunin Mill zalla, wannan ma ɓacin rai ne. Da yawa daga cikinmu ba za su karɓi haka ba, za su ce ai ciwon da ya taɓa imanin al'umma duka ba a haɗa shi da zolayar gwamna, kuma dokokin jihohinmu sun hukunta shi. Wannan gardama ce ta gaske, ba za mu kashe ta da lacca ɗaya ba. Sai dai akwai abin da ɓangarorin biyu suka haɗu a kai. Ranar 12 ga Mayu 2022 taro ya kashe wata ɗaliba a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari a Sakkwato bisa zargin ɓatanci, ba alƙali, ba shaida, ba a ji ta bakinta ba. Ko wanda ke ganin doka ta hukunta ɓatanci, alƙali yake nufi. Waɗanda suka yi kururuwa suka tara jama'a ran nan, su ne suka tsaya a ƙofar gidan dillalin hatsi, kuma irin maganarsu ce Mill ya ce hukuma ta kama mai ita.