Idan Yuriya Ta Yanke: Yadda Ya Kamata Dilan Taki Ya Sanar da Manoman Kwarin Haɗejiya, da Wanda Zai Fara Sallama



Ba zan ɓata lokacinku da bayanin abin da taki yake yi wa shinkafa ko alkama ba. Maganar da na zo da ita guda ɗaya ce. Yankewar taki a tsakiyar noman rani abu ne da dila ba shi da iko a kansa, amma yin shiru bayan ya san kaya ba za su iso ba, da raba ɗan abin da ya samu bisa sanayya, waɗannan biyun aikinsa ne, kuma su ne suke kashe gona fiye da ƙarancin kansa.

Mu fara da inda takin yake fitowa. Yuriyar da ake zubawa a Auyo da Kafin Hausa da Kirikasamma daga bakin teku take tahowa, daga masana'antar Indorama da ke Eleme, ko Notore da ke Onne, ko ta Ɗangote da aka buɗe a Legas a watan Maris na 2022. Tirela guda buhu 600 take ɗauka mai kilo 50, wato tan 30, kuma sai ta keta ƙasar nan daga kudu zuwa arewa kafin a sauke ta a Haɗejiya. Kamfa kuwa tafiyarsa ta fi haka nisa. Shirin takin shugaban ƙasa da aka ƙaddamar a ƙarshen 2016, wanda ya sa buhun kamfa mai 20:10:10 a kan naira 5,500, ya dogara da sinadaran da ake shigowa da su daga Maroko da Rasha. Da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke a Fabrairun 2022, sai da gwamnati ta koma nema a Kanada. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin dako ya ƙara hawa. A gefe guda kuma buƙata sai ƙaruwa take yi: an buɗe aikin noman rani na kwarin Haɗejiya a Auyo a Janairun 2023, sannan a Nuwamban shekarar aka ƙaddamar da noman alkama na ƙasa a Kadume, inda Jigawa ta ɗauki alkawarin hekta 40,000. Wanda ya dubi tsawon wannan hanya ya dubi yawan masu jira, ya san cewa yankewa za ta sake faruwa. Abin mamaki shi ne har yau ana ƙaddamar da shiri da ganguna da jawabai, ba a rubuta layi ɗaya kan abin da za a gaya wa manomi ranar da mota ta makara ba.

Dalilin da ya sa shiru yake da tsada shi ne yuriya tana da lokaci. Shinkafa tana son zubin farko wajen mako 3 bayan dashe, lokacin da take 'ya'ya, sannan zubi na biyu wajen mako 6 zuwa 7, gab da ɗaukar ciki. Alkama ma haka, ga shi dole a shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba don ta cika ido kafin zafin Maris. Duk wanda ya taɓa shiga kwamin da yunwa ta kama ya san kamarsa: ganyen ƙasa ya koma rawaya tun daga baki, gindi siriri, kana hango ƙasa tsakanin layi da layi a lokacin da ya kamata ganye ya rufe ta. Takin da ya zo bayan an wuce wannan gaɓa zai sa ganye ya yi kore, amma ba zai dawo da 'ya'yan da ba a yi ba. Manomin da aka gaya wa gaskiya da wuri yana iya nema a Kano ko Gujungu, yana iya ara wajen maƙwabci, yana iya jinkirta dashe. Wanda ake ce wa “mota tana hanya, ka dawo jibi” an ɗaure masa hannu, domin kuɗinsa suna aljihun wani.

Don haka sanarwa ta fita a ranar da dila ya samu labari, ko da bai gama lissafi ba. Kuma ta ƙunshi adadi. Ga irin abin da nake nufi, a matsayin misali:

“Jama'a masu kuɗin taki a hannuna, assalamu alaikum. Ana bina buhun yuriya 1,200. Tirela biyu na biya, ɗaya ce ta iso, buhu 600. An ce mini ta biyu sai nan da mako 3, kuma zan sake sanar da ku kowace Juma'a ko ta taso ko ba ta taso ba. Zan fara sallamar waɗanda lokacin zubinsu ya yi, bisa ranar dashen da ke rubuce a littafi. Sunaye suna manne a ƙofar shago. Wanda ba zai iya jira ba ya zo da rasit ya karɓi kuɗinsa a ranar. Ba zan sayar wa mai sabon kuɗi ko buhu ɗaya ba sai na gama sallamarku.”

A aika wannan da murya ta waya, domin da yawa daga manomanmu ba sa karanta saƙon boko. A manna shi a ƙofar shago da boko da ajami, a ba shugaban ƙungiya kwafi. Jimlar ƙarshe ita ce mai wuya, domin da zarar kaya sun yi ƙaranci farashi zai tashi, kuma mai tsabar kuɗi yana tsaye a bakin sito. Dilan da ya karɓi kuɗin mutum tun kaka, sannan ya sayar da buhunsa ga wani da sabon farashi, ya maido masa da tsohon kuɗin da ba zai ƙara sayen buhu ba, ya ci amana. Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da shimfiɗa sharuɗɗan cinikin da ake biya kafin a karɓi kaya, cewa sai an san adadi da ajali, kuma babu ɗan kasuwar Haɗejiya da zai ce bai taɓa jin wannan a wa'azi ba.

Yanzu ga rabo, inda na san wasunku ba za su yarda da ni ba. Hanyoyi biyu aka saba da su. Ta farko, wanda ya riga biya shi zai riga karɓa. Tana da kamar adalci, sai dai mai riga biya galibi shi ne mai hali, kuma sau da yawa buhunansa ajiye su zai yi a ɗaki har wata guda yayin da gonar wani take rawaya. Ta biyu, a raba daidai, kowa ya samu rabin abin da ya biya. Ita ma tana ba wanda irinsa bai ma isa cira ba, ta rage wa wanda yau ne ranarsa. Ni abin da nake karewa shi ne a bi shekarun shuka, a cikin waɗanda suka riga suka biya.

Mu koma ga dilan misalinmu mai bashin buhu 1,200 da 600 a hannu. Ya buɗe littafi ya kasa mutanensa uku. Kashin farko su ne waɗanda zubinsu ya yi ko zai yi cikin kwana 10. Ba duk abin da suka biya za a ba su ba, sai na wannan zubin kaɗai. Mai hekta guda da ya biya buhu 4 don zubi biyu, a ba shi 2 yanzu. A ce jimlar wannan kashi ta kama 380, a sallame su gaba ɗaya. Saura 220. A ware 20 don buhun da ya yage a hanya ko sunan da aka tsallake, saura 200. Kashi na biyu su ne waɗanda lokacinsu zai yi kafin mota ta biyu ta iso, buƙatarsu 300. Nan sai a ba da biyu cikin kowane uku, amma mai buhu 1 ko 2 a cika masa, a rage daga manya, domin babban manomi yana da wayar da zai kira a Kano, ƙarami kuwa wannan shagon ne kaɗai gatansa. Ragowar 520, wato zubi na biyu na waɗanda aka sallama da waɗanda ba su yi dashe ba da masu sari don sayarwa, su ne za su jira, kuma kowannensu a gaya masa ranar da ake sa rai da zaɓin karɓar kuɗinsa.

Za a ce mutane za su yi ƙaryar ranar dashe. Za su yi, idan sai bayan kaya sun yanke aka tambaye su. Maganinsa a rubuta tun ranar biyan kuɗi: sunan gona, girmanta, abin da za a shuka da ranar da ake sa ran dashe. Idan gardama ta taso, ƙungiyar masu amfani da ruwa ta san ranar da aka saki ruwa a kowane sashe, malamin gona ya san gonakin, kuma shinkafar mako 3 ba ta ɓoyuwa ga wanda ya taka ya gani. Alamar cewa rabo ya karkace ma a fili take: idan ka ga buhunan da aka ce babu suna fitowa a kasuwa da sabon farashi, ko jerin sunayen ƙofar shago ya sauya da dare, to an bar littafi an koma sanayya.

Akwai wani abu da diloli ke yi da kyakkyawar niyya wanda yake cutarwa, wato ba da kamfa buhu da buhu a madadin yuriya. Buhun yuriya yana ɗauke da kilo 23 na sinadarin da ke sa ganye kore, domin kashi 46 cikin 100 ne. Buhun kamfa mai 20:10:10 kilo 10 kawai yake da shi. Sai an zuba fiye da buhu biyu kafin a kamo ɗaya. Wanda zai ba da madadi ya faɗi wannan lissafi a cikin sanarwarsa, manomi ya zaɓa da idonsa a buɗe.

Ga hukumomi kuwa, ba dogon kira nake da shi ba. Dokar ingancin taki ta 2019 ta riga ta wajabta wa diloli rajista, don haka an san su. Kamfanin JASCO da hukumar JARDA da Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are suna da ma'aikata a wannan kwari. Duk dilan da za a ba izinin raba kayan tallafi, a sa masa sharaɗi a rubuce: littafi mai ranar dashe, sanarwa cikin kwana 2 da samun labarin jinkiri, da jerin sunaye a ƙofar shago. Sharaɗin ya hau kan gwamnati ita ma. Idan takin shiri zai makara, ofishin da ya sani ya shiga rediyo ya faɗi buhu nawa suka iso, nawa suka rage, da ƙaramar hukumar da za a fara da ita da dalilin hakan. Wannan ba ya buƙatar kasafin kuɗi ko kwamiti. Ina roƙon wannan taro ya sa sharuɗɗan nan uku a cikin takardar bayan taro, a miƙa wa ma'aikatar gona ta jiha kafin a fara rajistar manoman rani mai zuwa.