Gargaɗin da ɗan damfara ke kwafewa: gyara sanarwar rajista a makarantun Gwagwalada

Shugaban taro, shugabannin makarantu, wakilan ƙungiyoyin iyaye da malamai, tunda lokaci kaɗan aka ba ni, zan shiga magana kai tsaye.

Duk wanda ke zauren nan ya san irin sanarwar da nake nufi, wasunku ma su suka sa mata hannu. Layi biyar ne ko shida: ana sanar da iyaye an buɗe rajistar sababbin ɗalibai, ga adireshin da za a latsa, ga ranar rufewa, sannan a ƙasa da manyan baƙaƙe a ce a yi hattara da shafukan bogi. Sai a jefa ta a guruf ɗin WhatsApp na iyaye, firinsifal ya koma ofis yana ganin ya sauke nauyi. Na daɗe ina ja da abokan aikina a kan layin nan na ƙarshe, kuma yau ma shi zan ja. Gargaɗin ba ya kare kowa, domin wanda zai yi jabun sanarwar ba ya goge shi. Yana kwafe saƙon gaba ɗaya, da tambarin makaranta da sa hannun shugaba da gargaɗin, ya canza layi ɗaya tak, wato adireshin. Uwar da ke Kutunku ko Dobi ta ga saƙo biyu iri ɗaya a wayarta, kowanne yana ce mata ta guji ɗayan. Da me za ta rarrabe? Ba mu ba ta komai ba. Alamar da WhatsApp ke sawa cewa an tura saƙo sau da yawa ma ba ta taimaka mata, don sanarwar gaskiyar ita ma haka take yawo daga Zuba zuwa Tungan Maje, daga waya zuwa waya.

Abin da sanarwa ke bukata shi ne ma'aunin da iyaye za su gwada da kansu, kuma ma'aunin ya kasance a wajen saƙon. Na farko, wanda zan fi daɗewa a kansa, shi ne karanta adireshi.

Mu Hausawan boko mun saba karatu daga hagu zuwa dama, shi kuwa adireshin intanet ikonsa a dama yake. Ka nemi sandar karkace ta farko da ta biyo bayan sunan shafin, ka tsaya a nan, sannan ka karanta baya-baya. Abin da ke manne da sandar shi ne mai gidan, duk abin da ke can hagu mai gidan ne ya rubuta yadda ya ga dama. Mu ɗauki hukumar NECO, wadda ke shirya jarrabawar shiga makarantun sakandaren gwamnatin tarayya irin su ta Kwali da ke nan maƙwabtanmu. Ga adireshi uku. Na farko na hukumar ne, sauran biyun ni na haɗa su da wani suna da aka keɓe don misali kawai:

```
https://neco.gov.ng/
https://neco.gov.ng.example.com/rajista
https://example.com/neco.gov.ng
```

A na farko, abin da ke manne da sandar shi ne neco.gov.ng, saboda haka gidan hukumar ne. A na biyu ido yana fara cin karo da sunan hukumar, zuciya ta kwanta, amma in ka je wajen sandar ka karanta baya, example.com za ka gani. Mai wannan suna yana da ikon liƙa kowace kalma a hagunsa ba tare da ya nemi izinin kowa ba, kuma ba ya biyan ko kwabo a kan haka. A na uku sunan hukumar ya faɗo bayan sandar, inda ba shi da wani ƙarfi ko kaɗan, sunan shafi ne kawai a cikin gidan wani. Ƙari a kan haka, allon waya ƙarami ne, dogon adireshi ba ya fitowa duka, sai mutum ya taɓa shi ya ja kafin ya ga ƙarshensa. Minti biyar sun isa a koya wa iyaye wannan a taron ƙungiyar iyaye da malamai, da alli da allo, kuma wanda ya iya ya iya ke nan, zai yi masa amfani a shafin JAMB da na banki.

Amma karatun ba zai yi amfani ba sai makarantar tana da sunan da za a karanta, kuma a nan ne rigimata da shugabannin makarantu take. Da yawanku kuna sa malamin kwamfuta ya haɗa fom a Google Forms, ya fito da adireshi mai farawa da forms.gle, ko ya gajarta shi da bit.ly, sai wasu baƙaƙe a hargitse su biyo baya. Irin wannan adireshi kowa na iya samun sa a kyauta cikin 'yan mintoci. Na makaranta da na ɗan damfara duk sunan gida ɗaya suke ɗauke da shi, bambancinsu baƙaƙen nan ne da babu mai iya riƙewa a ka. Da hannunmu muka koya wa iyaye latsa adireshin da ba shi da mai shi, sannan muka dawo muna ɗora musu laifin rashin lura.

Alhali hanya tana nan. Ƙungiyar NiRA, mai kula da sunayen da ke ƙarewa da .ng, ta ware .gov.ng ga hukumomin gwamnati, .edu.ng ga manyan makarantu, .sch.ng kuma ga makarantun firamare da sakandare. Waɗannan rukunai ba a sayar da su haka kawai kamar .com, sai an nuna takardu. Makarantar da ta mallaki sunanta, a ce makarantarmu.sch.ng, tana iya ajiye fom ɗin Google ɗinta idan tana so, amma ƙofar shiga ta zama wannan suna ɗaya, bana da baɗi da shekara mai zuwa. Sai dai kada a ce wa iyaye duk abin da bai ƙare da .gov.ng ba jabu ne, domin hukumar WAEC kanta tana duba sakamako a waecdirect.org. Ƙa'idar ita ce a san takamaiman sunan kowace hukuma. Za a ce mini kuɗi. Kuɗin riƙe suna na shekara bai kai abin da makaranta ke kashewa wajen hayar rumfa da kujeru ranar rabon kyaututtuka ba. Makarantun gwamnati kuma, Hukumar Makarantun Sakandare ta Babban Birnin Tarayya ce ya kamata ta ba kowacce shafi a ƙarƙashin suna ɗaya na hukuma, kuma zan ci gaba da faɗin haka a gaban jami'anta.

Akwai shawarwari biyu da nake roƙo a daina bai wa iyaye. Ana cewa a duba hoton kwaɗo a gefen adireshi. Kwaɗon yana nufin hanyar da ke tsakaninka da shafin a rufe take, bai ce komai a kan halin mai shafin ba, kuma takardar shaidar da ke kawo shi kyauta ake samun ta shekaru da dama yanzu. Chrome ma ya cire hoton a 2023 saboda mutane suna ɗaukar sa shaidar amana. Wasu kuma sun koma hoton nan mai murabba'i da ake haskawa da kyamara. Shi ma adireshi ne da ido ba ya iya karantawa, kuma ana iya manna wani a kansa.

Ma'auni na biyu kuɗi ne. Sanarwa ta faɗi adadin kuɗin fom da lamba, ko ta ce kyauta ne ƙarara, sannan ta faɗi sunan da zai fito a allo idan an sa lambar asusun mai lamba goma. Yawancin iyayenmu wajen mai POS suke biya, saboda haka a koya musu su ce ya karanto sunan kafin ya tura. Idan sunan mutum ya fito a maimakon na makaranta, a tsaya. Idan makaranta tana karɓa ta hannun wani kamfanin biyan kuɗi wanda sunansa ne ke fitowa, to sanarwa ta faɗi haka tun farko. Inda ake biya ta Remita, lambar RRR mai lamba goma sha biyu tana nuna hukumar da kuɗin zai je kafin a biya, a karanta.

Asarar kuma ba ta tsaya a kuɗin fom ba. Fom ɗin rajista yana karɓar sunan yaro, ranar haihuwarsa, hotonsa, unguwarsu, wani lokaci har lambar NIN. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta wajabta neman yardar iyaye kafin a sarrafa bayanan yaro, kuma makaranta tana cikin masu riƙe bayanai a idon dokar. Don haka sanarwa ta lissafa abin da fom ɗinta ba zai taɓa tambaya ba, domin fom ɗin jabu a nan yake tona kansa.

Ga yadda nake so sanarwar ta kasance:

"Iyaye masu girma, an buɗe rajistar aji ɗaya daga ranar kaza zuwa ranar kaza. Adireshinmu ɗaya ne, makarantarmu.sch.ng, shi ne rubuce a bangon ƙofar makaranta da bayan katin sakamakon 'ya'yanku. Ku buga shi da hannunku, kada ku latsa daga saƙo, ko da wannan saƙon ne. Kuɗin fom naira kaza, sunan da zai fito wajen biya shi ne kaza. Ba ma tambayar BVN, ko lambar katin banki, ko lambar sirrin da banki ke turowa. Ba ma ƙara wa'adi ta waya. Mai shakka ya zo ofis daga takwas zuwa biyu, za a cika masa."

Ku lura, ɗan damfara na iya kwafe wannan ma ya canza adireshin, amma saƙon nasa zai riƙa tura mutane bangon makaranta, inda ƙaryarsa za ta fito. Idan kuma ya goge layin, iyayen da suka saba ganin sa kowace shekara za su ji giɓinsa. Shi ya sa nake nacewa a rubuta sunan da fenti a bango, a buga shi a katin sakamako, a karanta shi a taron safe, a kuma faɗe shi da Hausa da Gbagyi da Bassa a saƙon murya ga iyayen da ba sa karatu. Masu shagunan kafe da ke cika wa mutane fom a kusa da kasuwa da tasha, a kai musu takarda mai hatimi hannu da hannu, don ta hannunsu rajistar mutanen ƙauye da yawa ke bi.

Idan jabu ya riga ya fito, kada a sake tura shi a guruf da sunan faɗakarwa, yin haka yaɗa shi ne. A ɗauki hotonsa a ajiye shaida, a sanar da iyaye ba tare da adireshin ba. Wanda ya riga ya biya ya kira bankinsa nan take ya kai lambar shaidar turawar, tun kuɗin ba su bar asusun da suka faɗa ba, makaranta kuma ta kai ƙara wajen 'yan sanda da sunanta, domin dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta irin wannan yaudara. Ina roƙon shugaban taro ya sa a rarraba wa kowace makaranta kwafin sanarwar da na karanta kafin a buɗe rajistar zango mai zuwa.