Nawa shafin intanet zai ci mana a shekara?

Iyayenmu da 'yan'uwa na Binduri, da baƙinmu daga Bawku, Yendi da Salaga.

Da yawanku kun ce mu buɗe wa ƙungiya shafi, domin mai neman albasa a Kumasi ya ga farashinmu. Mun yarda, amma mu fara da lissafi. Kada mu yi shi da farashin shekarar farko, don rangwamen jawo ciniki ne. Farashin sabuntawa za mu tambaya, a rubuce.

Ga misali. Sunan shafi mai ƙarewa da .com haya ce ta shekara, mu ce dala 15. Wurin ajiye shafin, idan dala 5 ne a wata, ya zama 60. Akwatin imel ɗaya da sunan ƙungiya, dala 2 a wata, 24 ke nan. Jimla dala 99. Tunda da sidi muke tara kuɗi, kuma canji ba ya tsayawa wuri ɗaya, mu ɗora kashi ɗaya cikin goma, mu ce 110. Ladan yaron da zai riƙa sauya farashi daban ne; a yi ciniki da shi na shekara. Makullin tsaron da ake gani a gefen adireshi kuwa, Let's Encrypt na bayar da shi kyauta.

Inda ake asara shi ne mantuwa. Sunan da wa'adinsa ya wuce, fansarsa kan ninka kuɗin sabuntawa sau da yawa, in an daɗe kuma wani ya saye shi. Saboda haka a yi rajista da imel ɗin ƙungiya, ma'aji ya rubuta ranar biya a littafinsa.