Jawabin Ta'aziyyar Shugabarmu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

A yau, ranar sadakar uku, ba za mu ƙara wa Hajiya gishiri ba. Tana da faɗa, kowa ya ɗanɗana. Amma a shekarar da riɗi ya faɗi a kasuwar Maigatari, ita ta zuba wa mata huɗu adashi, ba ta faɗa wa kowa ba. Mu da muka koyi karatu a ajin yaƙi da jahilci, mu muka gani a littafinta.

Wanda ke binta bashi, ya sami iyalanta kafin rabon gado. Wanda ta ɓata wa, don Allah ya yafe. Mu dai mun yafe.

Allah Ya jiƙanta, Ya kyautata namu zuwan.