Ƙyanda: Illolinta, Aikin Bitamin A, da Lissafin Dawowar Annoba

 

Fiye da shekara dubu ke nan da babban tabibin nan na birnin Rayyi a ƙasar Farisa, Abubakar Muhammadu ɗan Zakariyya ar-Razi, wanda ya yi wafati wajajen shekara ta 925, ya wallafa risalarsa Kitabul Judari wal Hasba, inda ya rarrabe tsakanin agana da ƙyanda a zamanin da galibin masu magani ke ɗaukarsu ciwo ɗaya. Ita agana Allah Ya kawo ƙarshenta ta hanyar lamba, har aka yi shelar ƙarewarta a duniya a 1980. Amma ƙyanda, wadda iyayenmu ke kira baƙon dauro, ko da yake an sami allurarta tun 1963, har gobe tana ziyartar garuruwanmu, kuma dalilin wannan ziyara shi ne maƙasudin jawabina.

Sai mu fara da ɗabi'ar cutar. Ƙwayarta tana bin iska, tana kuma iya zama cikin ɗaki har sa'a biyu bayan mai ita ya fita, kuma in mutum goma marasa kariya suka zauna da majiyyaci, tara daga cikinsu za su kamu. Bayan kwana goma zuwa sha biyu sai zazzaɓi mai zafi ya taso, da tari, da majina, da jan ido. A cikin kunci kuma wasu ƙananan fararen ɗigo kan bayyana, waɗanda ma'aikacin lafiya mai lura kan gane cutar da su tun ƙuraje ba su feso ba. Sa'an nan ƙurajen su fara daga fuska da bayan kunne su gangaro jiki. Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne, yaro yana yaɗa cutar tun kwana huɗu kafin fitar ƙuraje har kwana huɗu bayansu, saboda haka ranar da uwa ta gane abin da ke damun ɗanta ta tsare shi a ɗaki, ya riga ya raba wa abokan wasansa da 'yan makarantar allonsu.

Ƙurajen nan da idon jama'a ke kai, su ne mafi sauƙin al'amarin. Abin da ƙyanda ke yi wa fata a waje, shi take yi wa shimfiɗar da ke cikin huhu da hanji da maƙogwaro da ido, kuma daga nan ne mutuwa ke shigowa. Mafi yawan yaran da ke rasuwa ciwon huhu ne ke ɗaukarsu, wanda alamarsa ita ce numfashi da sauri da lotsawar ƙasan ƙirji a duk lokacin da yaro ya ja iska. Sai zawo, wanda kan ƙarar da ruwan jiki ya jefa yaro cikin tamowa. Sai miki a baki da ke hana shi kama nono. Sai ruwan kunne da kan kai ga kurumta. Kimanin ɗaya cikin dubu kuma cutar kan hau masa ƙwaƙwalwa, ya yi ta jijjiga ko ya fita hayyacinsa. Likitan yara David Morley, wanda ya yi aiki a Imesi-Ile ta ƙasar Yarbawa shekaru sittin da wani abu da suka wuce, yana cikin waɗanda suka fara nuna wa duniya cewa ƙyandar da Turawa ke ɗauka ƙaramin ciwon yarinta, a Afirka ta Yamma kisa take yi, musamman ga yaron da abinci bai ishe shi ba.

Akwai kuma wata illa ɓoyayya da binciken 'yan shekarun nan ya fito da ita sarari. Jikin ɗan Adam yana da hadda: duk cutar da ya taɓa yaƙa, yakan ajiye ƙwayoyin garkuwa da ke tuna ta. To, su waɗannan mahaddata ne ƙwayar ƙyanda ke shiga ta hallaka, har wani bincike da aka buga a 2019 ya sami yaran da suka yi hasarar daga kashi 11 zuwa kashi 73 cikin ɗari na kariyar da suka tara game da wasu cututtuka. Wannan shi ne tafsirin abin da kakanninmu mata suka daɗe suna faɗa, cewa wane tun da ya yi baƙon dauro bai sake komawa daidai ba; yakan warke, sa'an nan bayan wata uku ko shida zawo ko tari ya ɗauke shi, a rubuta mutuwarsa da sunan wani ciwo dabam.

Yanzu sai batun bitamin A. Wannan sinadari, wanda ake samu a hanta da ƙwai da man shanu da manja da zogale da karas da mangwaro, a hanta jiki ke taskace shi, kuma aikinsa shi ne kiyaye waccan shimfiɗa da muka ambata, tare da taimakon ido ya gani cikin duhu. Ƙyanda tana cin wannan taska ta fuskoki da yawa a lokaci guda: yaro ba ya cin abinci, abin da ya ci zawo ya fitar, zazzaɓi yana ƙara buƙata, gyaran ɓarnar kuma yana cinye abin da ya saura. In dama taskar ba ta da yawa, sai ido ya fara nunawa. Da farko dundumi ne, yaro ya riƙa laluben hanya bayan magariba. Sa'an nan farin ido ya bushe ya daina sheƙi. Sa'an nan gilashin idon ya yi hazo, ya yi miki, ya narke cikin 'yan kwanaki kaɗan, abin da zai bari kuwa hakiya ce wadda ba ta da magani a asibitin karkara. A nan ina roƙon iyayenmu mata, da dukkan ladabi, da a daina zuba wa idon mai ƙyanda tozali ko ruwan saiwa, a kuma daina hana shi nono da abinci da ruwa, domin idon da ya riga ya bushe ƙaramin abu ke fasa shi.

Hujjar amfanin bitamin A gwaji ne ya tabbatar da ita. A wani asibiti na birnin Kef a Afirka ta Kudu, likitoci biyu, Hussey da Klein, suka raba yara 189 masu ƙyanda mai tsanani gida biyu, aka ba kashi ɗaya bitamin, ɗayan kuma aka ba shi abin da ya yi kama da shi amma babu magani a ciki. A sakamakon da suka buga a 1990, yara 12 ne suka rasu, kuma 10 daga cikinsu na ɓangaren da bai sami bitamin ba ne. A kan irin wannan hujja Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da hukunci cewa duk yaron da aka tabbatar yana da ƙyanda a ba shi sau biyu, yau da gobe: jaririn da bai kai wata shida ba awo 50,000, ɗan wata shida zuwa sha ɗaya awo 100,000, wato shuɗin ƙwanson nan da ake yanke wa baki a ɗiga, ɗan shekara ɗaya zuwa sama kuma awo 200,000, wato jan ƙwanso. In alamun ido sun bayyana, a ƙara na uku bayan 'yan makonni.

Amma fa kowane magani da haddinsa. Bitamin A ba ya hana kamuwa da ƙyanda, ba ya kuma kashe ƙwayarta. Yana rage mata kaifi ne a jikin wanda ta riga ta kama. Kuma tun da jiki ajiye shi yake yi, ba ya zubar da rarar cikin fitsari, wanda ya mai da shi abin sha kullum da niyyar rigakafi zai wahalar da hantar ɗansa, kamar yadda likitoci suka gani a wasu yara a jihar Tekzas ta Amirka yayin annobar 2025.

Rigakafi allura ce, kuma a nan ne lissafi ke shigowa. A cikin jama'ar da ba ta da kariya, mai ƙyanda ɗaya yakan harbi mutum 12 zuwa 18. Mu ɗauki 15. In ana son cutar ta mutu a hanya, wajibi ne 14 cikin waɗannan 15 su kasance ba sa kamuwa, wato wajen kashi 93 cikin ɗari, shi ya sa ake neman allura ta kai ga kashi 95, sau biyu. Me ya sa sau biyu? Domin allurar wata tara, wadda muke yi da wuri saboda cutar tana kama jariranmu da wuri, tana kama jiki ne a wajen yara 85 cikin 100. Ta biyu, wadda Nijeriya ta sanya a wata goma sha biyar, ita ke tsinto ragowar.

Mu ƙaddara wata ƙaramar hukuma da ake haihuwar yara 10,000 a shekara, kashi 60 cikin ɗari kuma suke samun allura ɗaya. An yi wa 6,000, ta kama 5,100, saura 4,900 ba kariya. Shekara ta fari ba a ga kome ba, domin manyan yara da suka taɓa yin cutar sun zama katanga. Shekara ta biyu adadin ya kai 9,800, kusan haihuwar shekara guda, wanda shi ne mizanin da masana ke ɗauka alamar haɗari. Misalinsa misalin busasshiyar ciyawa ne da ke taruwa a daji: shekarar da ba a yi gobara ba, ciyawar ƙaruwa ta yi. Wannan jinkiri shi ke ruɗin hukuma da talakawa gaba ɗaya, domin sakacin bana sai baɗi ko baɗin baɗaɗa ake ganin sakamakonsa, in annobar ta wuce kuma ta cinye marasa kariya, sai a sami shekara biyu ko uku na shiru, a zaci an yi nasara. A Yamai an lura da wannan tsari: cutar kan tashi da rani, lokacin da 'yan cin rani suka cika birni, ta lafa da saukar damina, wasu shekarun ta yi kamar ta ɓace, sa'an nan ta dawo da dubban majiyyata kamar yadda ta yi a 2003 zuwa 2004. Haka nan alƙaluman jiha kan ɓoye gaskiya, gama jihar da aka ce ta kai kashi 80 tana iya ƙunsar unguwa ko ruga ko sansanin gudun hijira da bai kai 20 ba, cutar kuwa unguwar take nema.

Tsibirin Samowa, mai mutane wajen 200,000 a tekun Fasifik, ya nuna wannan lissafi a aikace. A watan Yuli na 2018 jarirai biyu suka rasu jim kaɗan bayan allura, bincike kuma ya tabbatar cewa ma'aikatan jinya biyu ne suka dama garin allurar da wani maganin saki jijiya da wa'adinsa ya wuce, maimakon ruwan da aka tanada. Laifin na hannu ne, kotu ma ta ɗaure su, amma gwamnati ta dakatar da allurar wata da watanni, tsoro ya shiga zukatan iyaye, masu zuga suka sami abin faɗa, har adadin jariran da aka yi wa ya faɗi zuwa wajen kashi 31. Fiye da shekara guda ba abin da ya faru. A ƙarshen 2019 cutar ta shigo, ta kama mutum sama da 5,700, ta kashe 83, galibinsu yara 'yan ƙasa da shekara biyar, cikinsu har da jariran da shekarunsu ba su ma kai na allura ba, waɗanda kariyarsu ta rataya ga allurar maƙwabta. Sai da gwamnati ta rufe ofisoshinta kwana biyu a watan Disamba, aka umarci duk gidan da ke da wanda ba a yi wa ba ya kafa jan ƙyalle a ƙofa, ma'aikata suka bi gida gida har aka kai kashi 95, sa'an nan annobar ta lafa.