Gatse a Saƙon Ofis

Kasuwar Maigatari tana ci ranar Alhamis, washegari kuma Juma'a ce, rana gajeriya a ofis. A ce ma'aikacin haraji a sakatariyar ƙaramar hukumar yana jiran lissafin rasitan kasuwar dabbobi daga abokin aikinsa, shiru har Litinin. Ransa ya ɓaci, ya rubuta a waya: “Sannu da ƙoƙari, ranka ya daɗe! Ashe ta Alhamis mai zuwa muke jira.”

A baki, da murmushi, wannan zai iya wucewa a matsayin raha. A rubuce babu murya, babu fuska, sai gatsen tsirara, kuma ana iya tura shi gaba har teburin shugaban sashe. Ga shi bai faɗi abin da ake so ba, bai sa lokaci ba.

Gyaran mataki uku ne. Ya cire yabon ƙarya da girmamawar da ta wuce kima, domin a nan dafin yake. Ya faɗi abin da ya faru, ba halin mutumin ba. Sannan ya nemi abu guda, da lokacinsa.

Sai saƙon ya koma: “Salam, Malam. Lissafin kasuwar Alhamis bai iso ba, kuma gobe Talata zan miƙa wa ma'aji. Don Allah a turo kafin La'asar. In akwai matsala, a kira ni.”

Amma kada a wanke saƙon har ya rasa gishiri. Idan wannan ne karo na uku, ya rubuta hakan ƙarara. Wanda ya tsaya ga “a taimaka a duba” zai sake jira mako mai zuwa.